Wasiƙar Raba Hanyar Sadarwar Jami'a: Abin da Jami'in Fasaha Ke Nema Daga Shugaban Jami'a

Wasiƙar neman izinin raba hanyar sadarwar jami'a takarda ce da jami'in sashen fasahar sadarwa ke rubuta wa shugaban jami'a, yana neman a amince a karkasa sadarwar kwamfutocin harabar zuwa sassa daban-daban, kowane sashe da iyakarsa. A jami'o'in Najeriya da Turanci ake rubuta ta, kuma idan mai rubutun ba shi ne daraktan sashen ba, sai ta bi ta hannun daraktan kafin ta kai ofishin shugaba. Ba ta cika wuce shafi biyu ko uku ba, sai takardun da aka liƙa mata a baya. Duk da gajartarta, abin da take nema ya shafi kowane ofishi, kowane ɗakin karatu da kowane ɗakin kwanan ɗalibai, domin bayan an gama aikin akwai kwamfutocin da a da suke ganin juna amma daga ranar ba za su sake gani ba.

Wannan ne ya sa ake kai maganar har gaban shugaba. Da sauya 'yan wayoyi ne kawai, da sashen fasaha ya yi abinsa ba tare da damun kowa ba. Amma yanke hukunci a kan wa zai kai ga bayanan albashi, wa zai kai ga sakamakon jarrabawa, da kuma wa za a hana, hukunci ne na mulkin jami'a. Jami'in fasaha yana iya ba da shawara a kai, sai dai sa hannun da zai ɗaure shugabannin tsangayu da magatakarda da ma'aji ba a hannunsa yake ba.

Yadda sadarwar ta zama dunƙule ɗaya

Sashen farko na wasiƙar yakan bayyana halin da ake ciki. Yawancin hanyoyin sadarwar jami'o'i ba a zana su gaba ɗaya a zama guda ba. An fara ne da ɗakin kwamfuta ɗaya, daga baya aka ja waya zuwa ginin gudanarwa, sai laburare, sai wata tsangaya ta samu tallafi ta sayi nata kayan. Kowane sabon gini akan haɗa shi da tsohon ta hanyar na'urar da ake kira suwic, wato akwatin da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a jikinsa. Idan ramukan suwic suka cika, a sayo wani ƙarami a jona. Bayan shekaru sai a wayi gari kwamfutar ma'aji, da wayar ɗalibin da ke kan wayfay, da kyamarar tsaron ƙofar shiga, da na'urar da ke ajiye sakamakon jarrabawa duk suna cikin sadarwa ɗaya shimfiɗaɗɗiya. Kamar gidan gandu ne mai yalwa wanda ba shi da zaure kuma ba katanga tsakanin sassansa: duk wanda ya tsallako bakin ƙofa yana iya tsayawa a gaban kowane ɗaki, kuma duk wanda ya ɗaga murya kowa sai ya ji.

Ɗaga muryar nan gaskiya ce ta aikin na'ura. Kwamfuta idan tana son aika saƙo ga wata a sadarwa ɗaya, sai ta fara yin shela ga kowa tana tambayar wace na'ura ce ke riƙe da adireshi kaza. Haka ma sabuwar na'ura idan ta shigo, shela take yi tana neman a ba ta adireshi. Suwic yana kwafe kowace shela ya tura ta ta duk ramukansa, kuma kowace na'ura dole ta karɓa ta duba ko da ita ake. A ofishi mai kwamfuta talatin wannan ba komai ba ne. A harabar da na'ura dubu biyar ke kunne a lokaci ɗaya, shelar takan zama surutu marar yankewa, musamman a kan wayfay, inda kowa ke rabon iska ɗaya kuma ake aika shela da saurin da ya fi ƙasa don kowa ya iya ji.

Misalin da ke sa shugaba ya gane

Wasiƙa mai kyau ba ta tsayawa a kan bayanin shela, domin shugaban jami'a yana iya zama farfesan tarihi ko likitan dabbobi. Takan kawo abin da ya faru a harabar, da rana da lokaci, daga littafin rajistar matsaloli na sashen. Akwai wani nau'in matsala da kusan duk wanda ya kula da sadarwa shimfiɗaɗɗiya ya sani, kuma ya cancanci a bi shi daki-daki.

A ɗauka wani ɗalibi ya zo da ƙaramar rauta irin ta gida domin ya samu wayfay mai ƙarfi a ɗakinsa. Ya ɗauki wayar sadarwar jami'a da ke bango ya cusa a ɗaya daga ramukan da aka tanada don kwamfutocin gida, maimakon ramin da aka keɓe don layin waje. Rautar tana ɗauke da nata tsarin raba adireshi, wanda ake kira DHCP, kuma a kunne yake tun daga kamfani. Daga wannan lokacin jami'ar tana da masu raba adireshi biyu: na gaskiya da ke ɗakin na'urori, da na ɗalibin. Washegari da safe akawu a ofishin kuɗi ya kunna kwamfutarsa, ta yi shelar neman adireshi, shelar ta zaga ko'ina har ɗakin kwanan ɗalibai. Kwamfuta yawanci tayin da ya fara iso mata take karɓa. Idan na ɗalibin ya riga zuwa, sai ta ɗauki adireshi irin 192.168.0.101 maimakon na jami'a da ke farawa da 10, ta kuma ɗauki rautar ɗalibin a matsayin ƙofarta ta fita. Ƙofar kuwa ba ta kai ko'ina.

Abin da ke rikita mutane shi ne matsalar ba ta kama kowa. Kwamfutar da ke teburin gefe tana aiki lafiya lau, domin ita ta samu amsar gaskiya, ko kuma adireshin da ta karɓa jiya bai ƙare ba. Sai a zargi kwamfutar, a zargi kamfanin da ke ba da intanet, a kashe a kunna. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai buga `ipconfig /all` a kwamfutar da ta tsaya, ya ga adireshin baƙo da kuma adireshin na'urar da ta ba da shi. Gane ciwon ke nan, amma gano inda rautar take wani aiki ne dabam. Idan suwic-suwic na harabar masu saiti ne, ana bin lambar na'urar daga suwic zuwa suwic har a kai ga ramin. Idan kuwa marasa saiti ne, babu abin yi sai a riƙa cire wayar gini bayan gini ana dubawa, sannan a shiga ginin ana bin ɗakuna. Yini guda yana iya tafiya a haka, kuma idan ranar ta faɗo a makon biyan kuɗin rajista, layin ɗalibai a ƙofar ofishin kuɗi shi zai kai labarin ga shugaba kafin rahoton sashen fasaha.

Ɗalibin bai yi niyyar ɓarna ba, kuma a nan ƙarfin misalin yake. Idan kuskuren mutum ɗaya marar mugun nufi a ɗakin kwana yana iya tsayar da ofishin kuɗi, to mai mugun nufi hanya a buɗe take gare shi. Ɗan uwan wannan kuskure shi ne zagayen waya, inda wani zai ga waya tana lilo ya cusa ta a suwic ɗin da ɗaya bakinta ke ciki. Saƙon da ke yawo tsakanin suwic-suwic ba shi da wa'adin mutuwa, don haka shela ɗaya sai ta riƙa zagayawa tana ninkuwa har ta cika layukan. Alamarsa ita ce fitilun suwic duka su riƙa ƙyaftawa da sauri a tare, sadarwar kuma ta tsaya cak.

Hujja ta biyu ita ce ƙwayar cutar kwamfuta mai yaɗa kanta. A watan Mayu na 2017 manhajar neman fansa mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har ta sa asibitocin gwamnati a Birtaniya soke ganin marasa lafiya. Ta yaɗu ne ta kafa mai lamba 445, wadda kwamfutocin Windows ke amfani da ita wajen raba fayil, tana laluben duk kwamfutar da ke kusa wadda ba a sabunta ba. A sadarwa shimfiɗaɗɗiya kowace kwamfuta kusa take. Jami'a kuwa wuri ne da dubban na'urorin da ba mallakarta ba ke shiga kullum, ba ta san abin da ke cikinsu ba, ba ta kuma da ikon sabunta su. Jami'in yakan ƙara da cewa Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin ɗaukar matakan tsare su, jami'a kuwa tana riƙe da bayanan asibitin ɗalibai, da lambobin asusun ma'aikata, da sakamakon jarrabawa.

Abin da ake nufi da rabawar

Sashe na biyu na wasiƙar shi ne maganin. Rabawar ba ta bukatar a ja sababbin wayoyi ga kowane rukuni. Ana amfani da dabarar da ake kira VLAN, wadda ƙa'idarta mai lamba IEEE 802.1Q ta fito a 1998. Ana gaya wa suwic cewa rami kaza na sashe kaza ne, shi kuma ba zai bar saƙo ko shela ta tsallaka daga wani sashe zuwa wani ba, ko da ramukan suna jere a akwati ɗaya. A kan babban layin da ke haɗa gini da gini, wanda sau da yawa faiba ce, saƙonnin sassa da yawa suna tafiya tare, amma kowanne da tambarin lambar sashensa a jikinsa. Lambobin da ake iya amfani da su daga 1 ne zuwa 4094, jami'a kuwa 'yan gomomi sun ishe ta. A suwic na kamfanin Cisco, sanya ramin kwamfutar akawu a sashen ofishin kuɗi layi biyar ne:

```
vlan 30
 name BURSARY
interface GigabitEthernet0/5
 switchport mode access
 switchport access vlan 30
```

Da zarar an yi haka, shelar kwamfutar akawun ba za ta ƙara kai wa ɗakin kwanan ɗalibai ba, rautar ɗalibin ma ba za ta ji ta ba balle ta amsa.

Sai dai sassan ba za su zauna a rufe ruf ba, domin ɗalibi yana bukatar shafin rajista, malami yana bukatar shigar da maki. Duk saƙon da zai tsallaka iyaka dole ya bi ta wuri ɗaya, wato babban suwic na tsakiya mai iya tura saƙo tsakanin sassa, ko kuma na'urar tsaro da ake kira fayawol. A wannan mashigar ake rubuta dokokin wucewa. Wannan shi ne ƙashin bayan wasiƙar, kuma nan ne shawarwari da yawa ke yin rauni. Idan aka raba sassa sannan aka bar mashigar tana wuce da komai, surutun shela zai ragu, rautar ɗalibi ba za ta ƙara tsayar da kowa ba, amma kwamfutar da ta kamu da cuta a laburare za ta iya kai wa ga ta ma'aji kamar jiya. An kashe kuɗi, an samu rabin amfanin, ga kuma mutane sun saki jiki suna zaton an tsare su.

Tsarin sassan a jami'ar misali

Domin a ga yadda ake lissafin, a ɗauki jami'ar misali mai gine-gine ashirin da ɗakunan kwana huɗu. Tana amfani da adireshin cikin gida masu farawa da 10, waɗanda aka keɓe tun 1994 don kowace ma'aikata ta yi amfani da su a cikinta. Ana raba mutane ne bisa aikinsu da irin bayanan da suke taɓawa, ba bisa ginin da suke zaune kaɗai ba.

Ofishin kuɗi da na magatakarda suna da kwamfuta 120 a misalin. Ana ba su rukunin adireshi 10.30.0.0/24, wanda ke ɗaukar na'ura 254, ya ishe su har da ƙari na gaba. Dokarsu ita ce su kai ga na'urorin da ke ajiye bayanan kuɗi da na ɗalibai, su fita intanet don shafukan biyan kuɗi na gwamnati irin su Remita, amma babu wani sashe da zai fara buɗe magana da kwamfutocinsu. Na'urorin ajiyar bayanai da kansu suna sashe na dabam, kuma a nan akan bambanta wadda jama'a ke shiga, kamar shafin rajista, da rumbun bayanan da ke bayanta. Ɗalibi yana magana da shafin ta kafa mai lamba 443, shafin ne kaɗai ke magana da rumbun.

Ɗakunan kwana sun fi kowa yawan na'urori, domin ɗalibi ɗaya yana iya zuwa da waya da kwamfuta. Idan ana sa ran na'ura 3,000 a lokacin cunkoso, zuba su duka a sashe ɗaya sake gina tsohuwar matsalar ne a ƙaramin fili. Gara kowane ɗakin kwana ya samu nasa rukunin mai alamar /22, wanda ke ɗaukar na'ura 1,022. Abin da aka yarje musu shi ne intanet, da shafin rajista, da na laburare, da dandalin darussa. Sashen baƙi masu zuwa taro ya fi wannan ma ƙunci, intanet kaɗai.

Cibiyar jarrabawa ta kwamfuta tana da nata hukuncin. Kwamfutocinta suna magana da na'urar da ke ɗauke da tambayoyi, kuma a lokacin jarrabawa ba sa ganin komai bayan ita. Kyamarorin tsaro suna tura hoto ga na'urar naɗi kawai, domin kyamara na'ura ce da ba a cika sabunta manhajarta ba, sau da yawa ma da kalmar sirrin kamfani ake barin ta. Malamai da sauran ma'aikata akan raba su tsangaya-tsangaya. Sashe na ƙarshe, wanda ba a cika tunawa da shi ba alhali ya fi kowanne haɗari, shi ne na saitin suwic-suwic da kansu. Duk wanda ya kai ga shafin saitin suwic yana iya mayar da raminsa cikin sashen ofishin kuɗi, don haka kwamfutoci kaɗan na sashen fasaha ne kaɗai ke da hanyar shiga nan.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin duka dokokin ita ce a hana komai tukuna, sannan a buɗe abin da aka tabbatar ana bukata. Jadawalin da ke nuna wane sashe zai kai ga wane ana liƙa shi a bayan wasiƙar, kuma shi ne ainihin abin da shugaba ke amincewa da shi. Jami'i mai dabara yakan zauna da ma'aji da magatakarda da shugaban laburare da jami'in jarrabawa kafin ya aika, domin idan takardar ta zo taron manyan jami'an gudanarwa, su za a waiwaya a tambaya.

Akwai jarabar yawaita sassa, a ba kowane ƙaramin ofishi nasa. Wannan kuskure ne a jami'ar da ma'aikatan sadarwarta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Kowane sashe ƙari ne a jerin dokokin da za a riƙa dubawa, dokar da ba mai tuna dalilinta kuwa ba mai ƙarfin halin gogewa. Sassan da ma'aikata suka san su a ka sun fi ninkinsu da ke kan takarda kawai.

Kuɗi, lokaci da abin da zai karye

Shugaba zai nemi sanin kuɗin tun kafin ya gama karanta shafin farko, amsar kuwa ta dogara da ƙidayar kayan da ke ƙasa. Suwic mai saiti ya riga ya iya VLAN, aikinsa saiti ne ba saye ba. Suwic marar saiti bai san tambarin sashe ba, don haka duk abin da ke jone da shi sashe ɗaya zai faɗa. Wannan ba ya nufin a zubar da su duka. Ƙaramin suwic da ke ɗakin da kowa ɗan sashe ɗaya ne yana iya zama a wurinsa, muddin wayarsa ta fito daga ramin da aka saita. Wanda dole a sauya shi ne na ginin da ofisoshi mabambanta ke zaune. Wasiƙar da ta ce daga suwic kaza da ke harabar kaza ne kawai ke bukatar sauyi, ta kuma lissafa gine-ginen, ta fi samun karɓuwa a kan wadda ta nemi a sabunta komai. Sauran kuɗin yana tafiya ne ga babban suwic ko fayawol mai ƙarfin ɗaukar duk zirga-zirgar da yanzu za ta bi ta cikinsa, da batirin ajiyar wuta, da horar da ma'aikata. Idan ƙarfin na'urar tsakiyar ya gaza, sadarwar za ta fi ta da nauyi, laifin kuma a kan aikin za a ɗora shi. A jami'ar tarayya sayen zai bi Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, kuma ya kamata wasiƙar ta faɗi inda kuɗin zai fito, ko kuɗin shigar jami'a ne ko kason tallafin fasahar sadarwa daga asusun TETFund.

Ana yin aikin ne mataki-mataki, a lokacin hutun zango, nesa da makon rajista da na jarrabawa. Matakin farko ƙidaya ce da sanya wa kowace waya lamba. Na biyu gwaji a gini ɗaya, kuma ya dace ya zama ginin sashen fasaha, domin su fara ɗanɗana abin da suka tsara. Daga nan a cire ɗakunan kwana da baƙi daga cikin dunƙulen, wanda shi kaɗai ke kawo mafi yawan sauƙin, sannan a zo ga ofisoshi masu bayanai masu nauyi. Kafin a kunna dokar hanawa, akan bar mashigar ta yi 'yan makonni tana rubuta abin da ke wucewa ba tare da ta tare ba. A wannan rubutun ne ake gano alaƙoƙin da ba wanda ya ambata, kamar tsohuwar manhajar albashi da ke karanta fayil daga wata kwamfuta a ƙarƙashin teburin wani.

Wasiƙa ta gaskiya tana faɗin abin da zai karye. Firinta ita ce ta farko: an ba ta adireshi da hannu shekarun baya, da aka sauya rukunin adireshi sai ta ɓace, kuma kwamfutar da ke gano firinta ta hanyar shela ba za ta ga wadda ke wani sashe ba. Na'urar ɗaukar zanen yatsa ta halartar aiki ma haka. Tun da shelar neman adireshi ba ta tsallaka iyaka yanzu, dole a saita mashigar ta riƙa miƙa ta ga mai raba adireshi na gaskiya. Idan aka manta da wannan a wani sashe, kwamfutocin Windows za su ba kansu adireshi mai farawa da 169.254, alamar da ke nuna sun nema ba su samu amsa ba. Idan gini guda na wani sashe ya yi shiru alhali sauran sassan ginin suna aiki, abin dubawa na farko shi ne ko an saka lambar sashen a jerin waɗanda aka yarda su bi babban layin. Sannan akwai kuskuren da ɗauke wuta ke tonawa. A suwic da yawa saitin da aka buga yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi har sai an ajiye shi da umarni irin `copy running-config startup-config`. Wanda ya manta zai ga komai lafiya har ranar da wuta ta ɗauke batiri ya ƙare, suwic ya tashi da tsohon saitinsa. Saboda haka kowane mataki yana bukatar kwafin saitin baya a ajiye, da lokacin da aka yanke cewa idan abu bai daidaita ba za a koma.

Iyakar alkawarin

Akwai abubuwan da bai kamata wasiƙar ta yi alkawarinsu ba. Rabawa ba ta ƙara yawan intanet da jami'a ke saye. Tana ba da damar a ware wa ofisoshi kaso a rana don kallon bidiyo a ɗakunan kwana kada ya cinye layin, amma jimillar tana nan yadda take. Ba ta hana ma'aikaci rubuta kalmar sirrinsa a shafin bogi, ba ta kuma hana wanda ke da izinin shiga rumbun sakamako ya ci amana. Ko zagayen waya ma ba ta gama da shi ita kaɗai ba, domin ambaliyar shela a sashe ɗaya tana iya cika babban layin da sassa ke rabo, sai an kunna tsarin hana zagaye da iyakance shela a ramukan. Haka rautar ɗalibi za ta ci gaba da rikita maƙwabtansa a ɗakin kwana ɗaya har sai an saita suwic ya ƙi amsar DHCP daga ramin da ba a amince da shi ba. Sannan muddin sashe ya dogara da rami, duk wanda ya shiga ofishin kuɗi ya cusa kwamfutarsa a bango ya zama ɗan sashen. Maganin wannan shi ne rufe ramukan da ba a amfani da su, daga baya kuma a kawo tsarin 802.1X, inda na'ura ke gabatar da shaidar mai ita kafin a saka ta a sashe. Jami'in yakan ambaci wannan a matsayin aikin gaba, ba ya cusa shi cikin buƙatar yanzu.

Sakin layin ƙarshe na wasiƙar shi ne roƙon, kuma a fili ake rubuta shi yadda shugaba zai iya sa hannu a gefensa. Yakan ƙunshi amincewa da jadawalin sassa da dokokinsu, da sakin kuɗin matakin farko, da ranakun da za a katse sadarwa, da takardar sanarwa daga ofishin magatakarda wadda ta hana kowa jona rauta ko suwic ba da sanin sashen fasaha ba. Yakan kuma nemi a ayyana wanda ke da ikon amincewa da buɗe wata hanya ta musamman, domin bayan an gama aikin buƙatu za su riƙa zuwa, wasu daga manya, kuma ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ce wa shugaban tsangaya a'a ba sai da takarda a hannunsa. A ƙarshe ana faɗin yadda za a auna sakamako: yawan katsewar da ta shafi harabar gaba ɗaya kafin aikin da bayansa, tsawon lokacin gano tushen matsala, da gwajin da kowa zai iya gani da idonsa, inda za a zauna a ɗakin kwanan ɗalibai a gwada kai wa ga kwamfutar ofishin kuɗi a ga an tare, sannan a buɗe shafin rajista a ga ya buɗu. Rahoton wannan gwajin ake miƙa wa shugaba kafin a nemi kuɗin mataki na gaba.